Mai Tsoron Zabi

Tun da Maimuna ta yi wayo ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifiyarta ba. Ba wai faɗa suka yi ba, al'ada ce kurum. Ita ce ɗiyar fari, su kuwa mutanen gidan Fulani ne da suka baro ruga wajen Dalijan suka zauna cikin Gwandu, sun sayar da rabin shanu amma kunyar ko ƙwaya ba su sayar ba. Inna Halimatusa'adiya ba ta kiran sunan ɗiyar fari, ba ta zama da ita a tabarma ɗaya, ba ta yi mata dariya a gaban mutane. In ta kama dole sai ta ce "ke", in kuwa ba ta nan sai ta ce "ta Kalgo". Domin ana yaye Maimuna Goggo Hauwa, ƙanwar mahaifinta, ta goya ta zuwa Kalgo. Can ta girma, can ta yi karatu, can ta yi aure, can take koyarwa a makarantar ƴanmata.

Maimuna ta san al'adar, har takan kare ta in abokan aikinta suka yi tsegumi. Amma sanin abu daban, haɗiye shi daban. Duk ranar da ta je Gwandu, tun daga zaure take fara jin sunan autar gidan. Jidda zo, Jidda tafi, Jidda kin ci, Jidda rufe kanki. Sunan yarinyar nan ba ya hutawa a bakin Inna daga safe har yamma. Maimuna, mace da ƴaƴanta, sai ta zauna a bakin tabarma tana kishin ƙanwar da ita ta yi mata wankan jarirai. Kishi ne, ba wani suna da za a ba shi, ita ma ta sani.

Ita ta sayo wa gidan na'urar waifai, mai raba intanet. Ƙaninta Nasiru ya samu aiki a Fatakwal, Inna kuma ta bi ta rame da kewarsa, ga sabis ɗin wayarta ba ya kamawa a cikin ɗaki sai ta fita ta tsaya gindin darbejiya kamar mai jiran mota. Maimuna ta shiga Birnin Kebbi ta sayo irin wadda ake sa wa layi, ta kai Gwandu, aka ɗora ta a kan tagar da ke kallon titi inda sabis ya fi ƙarfi, aka jona ta da solar gidan. Ran nan Inna ta ga fuskar Nasiru tangaran a waya, ta yi ta share hawaye da gefen mayafi. Da aka gama ta dubi bango ta ce Allah ya yi wa wanda ya kawo albarka. Wanda ya kawo yana zaune a gabanta.

Maimuna ta koma Kalgo da wannan. Ta ce a ranta ba komai, ai addu'a ba ta ɓatan hanya.

Kuskuren da ta yi shi ne barin Jidda da na'urar. Jidda ta gama sakandare tana jiran jarrabawa, ba aikin fari ba na baƙi, yatsunta kuma ba sa zama. Ta kifa na'urar ta karanta takardar da ke manne a ƙasanta, ta shiga shafin saitinta ta waya, ta goge sunan kamfani mai haruffa da lambobi, ta rubuta abin da ya yi mata daɗi: Gidan Alh Dalha Jidda. Ita a ganinta gayu ta yi. Ba ta tsaya ta yi tunanin cewa sunan waifai ba a cikin gida yake tsayawa ba. Kalmar sirri ce kawai a ɓoye. Sunan kuwa duk wanda ya buɗe waifai a wayarsa a kusa da gidan zai gan shi, ko ya shiga ko bai shiga ba, bango bai cika tare shi ba, balle taga.

To ga mai shayi a tsallaken titi, ga ƴan kabu-kabu da ke ajiye babura a inuwar katangar. Ba a daɗe ba kowa ya san gidan marigayi Alhaji Ɗalha, mahaifinsu, an sa waifai, kuma akwai wata Jidda a ciki. Samari suka fara aiko yara wai Jidda ta taimaka da kalmar sirri. Wannan duk da sauƙi. Wata rana da la'asar wani mutum da ba wanda ya san shi a unguwar ya yi sallama, ya ambaci sunan marigayi tiryan-tiryan, ya ce a turo masa Jidda. Da maƙwabci ya fito ya tambaye shi daga ina, sai ya hau kame-kame, ya ja babur ya tafi. Wataƙila ɗan zaman banza ne kawai. Amma gida ne na mata biyu, ba namiji, kuma zamanin nan ba a raina irin wannan.

Jidda ta bugo wa Maimuna ta faɗa mata. Maimuna ta wanke ta tas. Ta ce a canza sunan yanzu-yanzu, kada a sa sunan kowa, kada a sa sunan gida ko unguwa ko lambar waya, a sa wani abin wasa da ba zai nuna ko wane gida ba ne. A canza kalmar sirrin ma, a ɗauke na'urar daga tagar titi a mayar da ita ta tsakar gida. Gaskiya ta faɗa, amma ta ji daɗin faɗar fiye da yadda ya kamata. Yau dai auta ta yi laifi.

Da hutu ya zo ta tafi Gwandu da niyyar kwana biyu. Tana zama ta buɗe wayarta don ta shiga waifai, sai ta ga sabon sunan a saman jerin: Mai Tsoron Zabi. Ta tambayi Jidda wace irin shiririta ce wannan. Jidda ta fashe da dariya ta ce wallahi ba ita ba ce, Inna ce ta zaɓa. Wai ta kawo sunaye kala-kala Inna tana girgiza kai, can sai Inna ta yi murmushi ita kaɗai, ta ce a rubuta wannan.

"Ni take tsokana, Adda," in ji Jidda. "Kin san in zabin nan suka tashi fir, ihu nake yi."

Akwai zabi a gidan, Jidda ce ma take watsa musu gero, kuma gaskiya ne takan yi tsalle in suka tashi. Maimuna ta dubi sunan. Wato yarinyar da ta tallata gidan ga duk mai wucewa, ladarta ke nan. An cire sunanta na yanka an mayar da na shagwaɓa. Ita kuwa da ta sayo abin, ta bi rana ta kawo shi, ko a cikin wasa ba ta fito ba.

Da a waya kawai sunan ya tsaya da ta daure. Ina! Inna ta mayar da na'urar mutum. Da safe in rana ta hau sola ta kawo, sai ka ji ta daga madafa tana tambaya ko Mai Tsoron Zabi ta tashi. In kira ya tsinke sai ta ce yau Mai Tsoron Zabi rigima take ji, a lallashe ta. In hadari ya rufe rana batir ya yi ƙasa sai ta ce a bar ta ta huta, ta gaji. Har wani ɗan ƙyalle ta samo tana goge mata ƙura. Muryar da take faɗar sunan da ita ce ta fi ƙona wa Maimuna rai, wata murya mai laushi da ba ta taɓa jin an yi mata magana da ita ba. Ta lura in tana kusa Inna takan rage faɗa, ta kuma kawar da kai. Maimuna ta fassara wannan da cewa wasan na su biyu ne, ita baƙuwa ce.

Ranar da za ta koma, Inna ta shiga maƙwabta barkar haihuwa, Jidda tana wanki a bayan ɗaki. Maimuna ta ɗauki na'urar ta kifa ta, ta shiga shafin saitin. Ba ta yi dogon tunani ba, don ta san in ta yi ba za ta aikata ba. Ta goge Mai Tsoron Zabi, ta kwafe sunan kamfani da ke jikin takardar, haruffa da lambobi marasa ɗanɗano, ta adana. Na'urar ta ɗan ɗauke ta dawo. Duk wayoyin gidan suka faɗo daga kanta, domin su tsohon sunan suka sani, wannan kuwa a wurinsu wata sabuwar waifai ce.

Jidda ta shigo da kumfa a hannu tana cewa waƙarta ta tsaya. Maimuna ta tare ta da bayanin da ta riga ta shirya: sunan yana tona gida, duk mai wucewa yana jin kukan zabi, zai gane nan ne. Jidda ta ce ai rabin gidajen unguwar suna da zabi. Maimuna ta san haka. Ta ce ita dai ta faɗa, kuma ita ta sayo. Ta karɓi wayar Jidda da ta Inna ta zaɓi sabon sunan, ta sa musu kalmar sirrin, komai ya koma aiki.

Inna ta dawo, Jidda ta kai mata ƙara tun daga ƙofa. Inna ta tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ta tambayi yadda ake kiran ta yanzu, Jidda ta karanto mata haruffan da lambobin. Inna ta ce to. Ta shige ɗaki. Da Maimuna ta leƙa yin sallama ta same ta zaune a bakin gado, ta ce a gaida Goggo, Allah ya kiyaye hanya.

A mota Maimuna ta yi ta jiran daɗin nasara, bai zo ba. Har suka wuce Birnin Kebbi ta sauka a Kalgo ba abin da take ji sai haushi, kuma ba ta san na wa ba.

Kwanaki suka shuɗe. Jidda ta faɗa mata a waya cewa Inna tana kiran Nasiru yadda ta saba, amma ta daina yi wa na'urar magana, ƙyallen ma ta mayar da shi tsumman madafa. Maimuna ta ce ai dama na'ura ba mutum ba ce.

Ranar wata Juma'a ta je gaida Goggo Hauwa. Ta same ta a tsakar gida tana gyaran zogale, ta zauna ta kama mata. A gaban Goggo ne kaɗai Maimuna take sakin baki, don haka ba a jima ba ta zazzage komai: yadda ta sayo, yadda Jidda ta jawo musu baƙon mutum, yadda aka saka wa mai laifi da sunan gata. Ta faɗi sunan tana taɓe baki.

Goggo ta ajiye reshen da ke hannunta. Ta ce ta maimaita. Maimuna ta maimaita. Sai tsohuwar nan ta kama dariya, dariya har da tari, har Maimuna ta fara jin haushi. Da ta lafa kuma sai ga idonta ya kawo ruwa.

Ta ce lokacin suna ruga, Maimuna ba ta daɗe da fara tafiya ba. Ranar wani suna ne, dangin miji sun cika gida. Maimuna ta tafi tana dabo-dabo da ɗan dunƙulen fura a hannu, zabin gidan suka gani suka yo kanta gaba ɗaya. Ta ƙwalla ƙara ta juyo a guje, ta wuce kowa, ta je ta cakumi zanen uwarta. Inna tana tsaye a gaban surukai, yarinya ce ita ma a lokacin. Ba ta isa ta ɗauke ta ba, ko kallonta ba ta isa ta yi ba. Ta sa hannu ta ɓamɓare yatsun ɗiyarta daga zanen ɗaya bayan ɗaya, ta juya ta shige bukka. Goggo ce ta sunkuya ta ɗauke ta. Da ta bi Inna bukkar daga baya ta same ta ta cusa fuska a cikin tabarma.

"Tun daga ranar ba ta da wani suna da take tambayarki da shi," in ji Goggo. "In mun haɗu a biki ko ta'aziyya, sai ta ja ni gefe ta ce, Hauwa, ya Mai Tsoron Zabi? Da kika yi ƙyanda haka ta tambaya. Da kika haihu ma haka. Ni da ita kaɗai muka san shi, ko mahaifinki bai sani ba."

Maimuna ta ce amma Jidda ta ce ita ake tsokana.

"Jidda ta ce. Ita Halimatu ta ce?"

Goggo ta ci gaba da tsinke zogalenta tana magana kamar da kanta take. Ta ce ku kun ce a nemo sunan da ba wanda zai gane, to ta ba ku wanda ta fi kowa iya ɓoyewa. Shekara da shekaru tana faɗarsa a kunnen mutum ɗaya, sai ga shi an ba ta dalilin faɗarsa da ƙarfi a tsakar gidanta, safe da yamma, ba wanda zai ce ta yi rashin kunya.

"Ke kuma kika je kika goge," in ji Goggo.

Kunya ta rufe Maimuna, irin wadda ba al'ada ce ta koya mata ba. Ta tuna ƙyallen goge ƙura. Ta tuna a lallashe ta, a bar ta ta huta. Duk wannan ta zauna a bakin tabarma ta ji da kunnenta, tana cika tana batsewa, tana kishin kanta.

Washegari da safe ta hau motar Gwandu. A hanya ta bugo wa Jidda, ta ce ta sake tunani, sunan ba ya tona komai, za ta mayar, amma in Inna ta tambaya Jidda ta ce ita ta mayar. Jidda ta ce ita fa ba ta gane wa Adda kwanan nan. Maimuna ta ce ba sai ta gane ba. Abin da ta ƙudurta shi ne kada Inna ta san ta sani. Ta san halin matar: ranar da ta gane asirin ya fita, ranar bakinta zai rufe. Ita kuwa ba ta son komai sai ta zauna a gefe ta sake ji, ko sau ɗaya, yanzu da ta san na wa ne.

Ta iso Inna tana barcin hantsi. Ta shiga shafin saitin ta rubuta sunan yadda yake a da, harafi da harafi, manya a inda suke manya, tazara a inda take, ta bar kalmar sirrin yadda take. Na'urar ta ɗauke ta dawo. Wayar Jidda da ta Inna ba su manta tsohon sunan ba, suka koma kansa da kansu ba wanda ya taɓa su.

Inna ta tashi, suka gaisa kamar kullum, ita tana kallon ƙofa, Maimuna tana kallon ƙasa. Jidda ta sanar da ita cewa ta mayar da tsohon suna, wancan ya cika wuyar karantawa. Inna ta ce to. Amma Maimuna ta ga yadda ta ɗan dubi tagar.

Har azahar Inna ba ta faɗi sunan ba. Maimuna ta yi shara, ta tankaɗe gari, ta yi ta neman aikin da zai ajiye ta a inda za ta ji. La'asar ta yi, lokacin da Nasiru yake tashi daga aiki. Maimuna tana durƙushe a bayan randa tana wanke ƙore, inda ba a hango ta daga ƙofar ɗaki. Inna ta fito da waya a hannu, ta duba tsakar gida ba ta ga kowa ba sai zabi suna kiwo. Ta ɗaga murya, wannan muryar mai laushi, har da ɗan jan ƙarshe irin na mai kiran yaro.

"Ina Mai Tsoron Zabi? Tana nan kuwa?"

"Na'am, Inna."

Wallahi ba ta yi niyya ba. Bakinta ne ya riga ta. Duk shirin da ta yi tun daga Kalgo, kalma biyu suka rushe shi.

Maimuna ta miƙe a hankali, ƙwarya a hannu, ruwa yana bin gwiwar hannunta. Inna tana tsaye a bakin ƙofa. Karo na farko a iya sanin Maimuna, matar ta dube ta ido cikin ido, ba ta kawar ba. Leɓenta ya motsa kamar za ta ce wani abu. Sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta juya wajen ɗakin auta.

"Jidda," ta ce, "zo ki duba min abin nan, ko yana aiki."

Daga ranar "abin nan" ya zama sunan na'urar a bakin Inna, ko Maimuna tana gidan ko tana Kalgo. Jidda ta yi ta mita cewa an mayar da suna amma Inna ta daina wasan. Da ta gaji ta ce to bari ta canza zuwa wani, tunda wannan ya gundure ta. Inna ta ce kada ta kuskura ta taɓa shi.